Danfo ta goge ni tsakanin Ojota da Ketu, ga yadda rahoton ya tafi har aka gyara motar

Ni direba ne a wani kamfani da ke raba kayan masarufi a nan Legas, sitonmu yana wajen Oregun ta ɓangaren Ikeja, kuma Hilux nake ja, fara, mai ɗaukar kaya a baya. Yawancin direbobin mu 'yan Arewa ne, shi ma manajan da ke kula da motocin Bahaushe ne, tsohon direban tirela ne kafin a zaunar da shi ofis, dan haka ba ka isa ka yi masa kwana-kwana a kan maganar mota ba. Abin da zan ba da labari ƙaramin karo ne, ba wanda ya ji ciwo alhamdulillahi, amma takardar da na rubuta a kansa ita ce ta tsaya min a gaban manaja da 'yan inshora da 'yan sanda, shi ya sa nake so 'yan uwana direbobi masu jan motar kamfani su ji yadda aka bi abin daki-daki.

Cikin watan Yuni ne, lokacin da ruwan Legas ba ya sallama. Na ɗauko katan-katan daga sito zan kai wa wani dila a Mil 12, na biyo ta Kudirat Abiola na faɗo Ojota na hau titin Ikorodu na miƙe wajen Ketu. Ruwa ya ɗan tsagaita amma ana yayyafi, waifa tana aiki, gosulo kuma irin wanda za ka matsa kaɗan ka tsaya. Ina layi na biyu daga dama, a hannun damana akwai wata danfo da ta tsaya ta sauke fasinja, gabanta ruwa ne ya kwanta ya shanye kusan rabin layinta saboda kwata ta cika ta tumbatsa. Su da suke bin hanyar kullum sun san akwai rami a cikin ruwan nan, toh da direban danfon ya tashi maimakon ya miƙe sai ya murɗo sitiyari hagu da ƙarfi dan ya kauce wa ramin, ba sigina ba komai, na taka birki na danna hon amma gefen bayansa na hagu ya riga ya kamo min kusurwar gaba ta dama. Ƙarar ba ta da yawa, kawai ji na yi motar ta ɗan girgiza, sai ƙarar roba da ta tsage.

Na ja birkin hannu, na kunna fitilun nan huɗu masu ƙiftawa, na fito na ajiye si-koshin, alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, a bayan mota da ɗan nisa, dan a cikin yayyafi wanda ke tahowa ba lallai ya lura ka tsaya ba. Sai na leƙa danfo na tambayi fasinjoji ko akwai wanda ya bugu, suka ce babu. Wannan tambayar kar ka tsallake ta ko da kana ganin abin bai kai ya kawo ba, saboda in akwai rauni to maganar ta canza gaba ɗaya, asibiti ne farko, sai kiran 112 ko 767 na gaggawa na jihar Legas, ko 122 na 'yan Rod Sefti, kuma ba maganar a sasanta a bakin titi. Na duba agogon waya, ƙarfe 4:17 na yamma, na riƙe a kai.

Kafin in ce wa direban danfo uffan hoto na fara ɗauka. A Legas mota ba ta minti biyar a inda ta yi karo, ko masu hon su matsa maka ko 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a jihar su zo su ce a sauka daga titi, kuma da zarar an matsar da motocin shikenan shaidarka ta tafi, sai dai kowa ya faɗi nasa. Na ja baya na ɗauki motocin biyu tare yadda farin layin titi zai fito, a ga tayoyina huɗu suna cikin layina shi kuma rabin jikinsa ya shigo. Na zagaya na ɗauka ta gaba, na ɗauki lambarsa, na ɗauki ruwan da ya kwanta da kwatar da ta cika, na ɗauki wani allon shago da ke wajen dan a gane daidai wurin. Sai daga baya na matso kusa na ɗauki ɓarnar ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa ɓarnar kawai suke ɗauka, bamba a tsage, fitila a karkace, alhali hoton bamba ba ya faɗin wa ya shigo wa wani layi. Hoton nesa shi ke faɗin haka. Akwai kuma fentin danfo ruwan ɗorawa da ya goge a jikin farin fenda tawa, da farin fentina a jikin kusurwarsa, duka biyun na ɗauka.

Direban danfo ya fito da zafi, kwandastansa ma haka, ga 'yan agbero, zaunannun tasha, sun fara taruwa kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Ni dai ban ɗaga murya ba, ban kuma ce laifinka ne ko laifina ne ba. Manaja ya sha faɗa mana cewa a wajen karo direba ba alƙali ba ne, kar ka amsa laifi, kar ka yi alƙawarin biya, kar ka sa hannu a wata takarda, saboda takardar inshora da kanta ta hana a amsa laifi ba da yawunsu ba, in ka amsa suna iya cewa kai ka ɗaura wa kanka. Ko haƙuri za ka bayar ka san yadda za ka bayar, dan a nan garin kana cewa yi haƙuri sai a ce ai ga shi ya yarda shi ne.

Wani jami'in LASTMA ya ƙaraso, ya duba yadda motocin suke, ya tambaya ko mun ɗauki hoto, na ce eh, ya ce to mu gangara gefe mu ba mutane hanya. Muka gangara. A nan ne na kira manaja, kuma kiran bai fi minti biyu ba.

Na ce, "Yallaɓai barka da yamma, ina kan titin Ikorodu tsakanin Ojota da Ketu, hannun zuwa Mil 12, wata danfo ta goge ni ta gaba dama, ba wanda ya ji ciwo, kaya lafiya, mota tana tashi, na ɗauki hotuna, akwai ɗan LASTMA a wajen."

Ya ce, "Kai lafiyarka ƙalau ko Malam?"

Na ce lafiya lau ranka ya daɗe.

Ya ce, "To kar ka karɓi kuɗin kowa, kar ka ba kowa. Turo hotunan yanzu ta WhatsApp, ka karɓi lasin ɗinsa da takardar inshorarsa ka ɗauka a hoto, ka nemi lambar mai motar dan da wuya in tasa ce. Kuma kafin ka motsa ka leƙa ƙarƙashi ka gaya min ko wani abu na zuba."

Ya yi gaskiya, motar ba tasa ba ce, balas yake kaiwa kullum. Da ya ga abin zai tafi ofis sai jikinsa ya yi sanyi, ya ja ni gefe ya ce in karɓi dubu 20 in kai wa fanel bita ya buga min fendar a shafa fenti, oga ba zai ma sani ba. Wallahi na tausaya masa, dan na san abin da ake nufi da a riƙe maka mota kwana ɗaya kana da balas a wuya. Amma motar ba tawa ba ce da zan yafe ko in yi ciniki a kanta, sannan akwai taraka a jikinta da ke nuna wa ofis inda na tsaya da tsawon lokacin da na yi a tsaye, ga kuma abin da ban gani ba a bayan bamba. Duk direban da ya karɓi irin wannan kuɗin ya yi gyaran ɓoye, ranar da wata matsala ta fito daga wannan bugun shi kaɗai zai ɗauka, inshora ba za su kalle shi ba tunda ba a sanar da su ba, kamfani kuma zai ce ya ɓoye. Na ce masa ya yi haƙuri, maganar ta fi ƙarfina, na ba shi lambar ofis.

Sai duba motar. Na durƙusa na leƙa, na ga ruwa yana ɗiga, gabana ya ɗan faɗi. Na sa hannu na taɓa, fari ne tas, ba wari ba santsi, kuma daga can baya wajen ƙasan dashbod yake sauka, wato ruwan esi ne wanda dama yake ɗiga. Da na lagireto ne zai zo da kala, namu ja-ja ne, yana da ɗan santsi a hannu, kuma ta gaba zai zubo. Na buɗe bonet na duba robar ruwan lagireto tana kan layinta, ban buɗe murfin lagireton ba tunda injin da zafi. Bonet ɗin ya buɗu ya rufu ba gardama, ƙofar gaba ta dama ma na buɗe na rufe dan in ji ko fenda ta matsa baya tana cin ƙofar, ba ta ci. Na kunna fitilu, babbar fitilar dama tana kamawa amma tana rawa in ka taɓa ta, sigina na yi. Tayar gaba ta dama ba ta sace ba, sai dai akwai sabon gogewa a bakin rim, alamar ita ma ta sha bugu. Wannan gogewar ta rim ita ta fi damuna a duk abin da na gani, dan bamba roba ce, amma in bugu ya sauka a kan taya to yana wucewa ciki ne zuwa tayarod da sauran ƙarafan da ke riƙe da ita.

Manaja ya ce tunda ba abin da ke zuba, birki kuma yana kamawa, in lallaɓa in sauke kayan tunda zuwa Mil 12 ya fi komawa sito kusa, amma in sa ido a kan allurar zafi kuma in saurari sitiyari. Allura ba ta motsa daga inda take zama ba. Sitiyari ne ya ba ni labari, a miƙe nake tafiya amma tambarin da ke tsakiyarsa ya ɗan karkata, in na sassauta hannu kuma motar sai ta nemi dama. Da safe ba haka take ba. Ina sauke kaya na tsaya na rubuta wannan a waya dan kar in manta, na dawo a hankali na ajiye ta a yadi na miƙa makulli.

A kamfaninmu doka ce rahoto a rubuce ya shiga cikin awa 24, ni a daren na zauna na rubuta tun abin yana sabo a kaina. Akwai fom, sama wajen suna ne da lambar lasin da ranar ƙarewarsa, lambar mota, kilomitar da ke kan mita, inda aka aike ka da wanda ya aike ka, wannan duk cikewa ne kawai. Inda aikin yake shi ne filin da aka bari fari aka ce yi bayani. Ga abin da na rubuta, na cire lambobi da sunaye:

"Yallaɓai, da ƙarfe 4:17 na yamma ina tuƙa motar kamfani a kan titin Ikorodu, na wuce Ojota ina fuskantar Ketu, ɗauke da kaya zuwa Mil 12. Ina layi na biyu daga dama, gudun da nake bai kai kilomita 20 ba saboda gosulo. Ana yayyafi, waifa da fitila suna kunne, ina ganin gabana sosai. Kwalta a jiƙe take. A layin dama ruwa ya kwanta ya rufe kusan rabin layin saboda kwata ta cika, kuma akwai rami a cikin ruwan, na ga bakinsa lokacin da wata mota ta bi ta ciki bayan karon. Layin da nake babu ruwa kwance babu rami. Wata danfo da ta tsaya a layin dama ta tashi ta shigo layina, ban ga siginarta ba. Na taka birki na yi hon. Kusurwar bayanta ta hagu ta haɗu da kusurwar gabana ta dama. Ba wanda ya ji rauni a motocin biyu, na tambayi fasinjoji da bakina. Kaya ba su taɓu ba, dila ya ƙirga ya sa hannu."

Manaja ya karanta wannan sau biyu, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne yanayin hanya. Ya ce yawancin direbobi in an zo nan sai su rubuta hanya ba kyau, ruwa ake yi, shikenan. To hanya ba kyau a ina, a layinka ko a layin wancan? In ka ce ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba a ganin gaba, tambayar da za ta biyo baya ita ce to me ya sa ba ka rage gudu ko ka tsaya ba, ka ga ka ɗaure kanka da bakinka kana neman uzuri. In kuma ka ce hanya lafiya lau dan ka nuna wancan ganganci kawai ya yi, hotonka da kansa zai ƙaryata ka tunda ga ruwa nan kwance. Shi ya sa na raba, ga yadda sama take, ga yadda kwalta take, ga layinsa ga layina. Kuma da gangan na rubuta ban ga siginarta ba, ban rubuta bai sa sigina ba, saboda abin da idona ya gani kawai zan iya rantsuwa a kai, ta yiwu ya sa ƙwan ne ya mutu, wannan su za su bincika. Dalilin da ya sa ya kauce ma ban rubuta ba duk da na san ramin yake gudu, na dai faɗi akwai rami, duk mai karantawa zai haɗa da kansa.

Gudun ma ban rage ba ban ƙara ba. Da safe manaja ya buɗe taraka a kwamfuta a gabana, ta nuna ina kan 18 kafin in tsaya cak, lokacin kuma ya yi daidai da wanda ke jikin hoton farko da bambancin minti biyu. Ya ce da na rubuta a tsaye nake aka buge ni, kamar yadda wasu ke yi dan su wanke kansu, da wannan layin ɗaya ya zubar da duk sauran rahoton, dan in aka kama ƙarya ɗaya ba wanda zai yarda da gaskiyar da ke kusa da ita.

Ɓangaren ɓarna kuma kashi uku na yi masa. Na farko abin da ake gani kuma sabo ne: bambar gaba ta tsage ta dama tsawon kamar tafin hannu biyu kuma ta fita daga maƙalinta, fenda ta lotsa a saman taya da fentin danfo a jiki, babbar fitilar dama gilashinta bai fashe ba amma tana rawa, bakin rim ya goge. Na biyu abin da na ji a tuƙi amma ban gani da ido ba: sitiyari ya karkata, mota tana ja dama, ina roƙon bakanike ya duba ƙasa kafin a sake fita da ita. Na uku abin da dama yana nan: akwai wani tsohon karce a ƙofar baya ta hagu da ƙaramin lotsawa a murfin bodi, waɗanda suna cikin takardar da na sa wa hannu ranar da aka miƙa min motar. Wani abokin aikina ya ce me ya kai ni, ai da na yi shiru an haɗa an gyara duka a kuɗin inshora. Amma mai dubawar inshora aikinsa kenan, tsohon karce ya yi datti wani ma ya fara tsatsa, sabo kuwa yana ƙyalli, sannan ta yaya bugun gaba dama zai karci ƙofar baya ta hagu? In ya ga an cusa sai ya fara zargin har na gaskiyar.

A ƙasa na zana titin, layuka da kibiya mai nuna Ketu, akwati biyu a matsayin motoci, na sa alama inda suka haɗu da inda ruwan yake. Na rubuta lambar danfo, sunan direba kamar yadda yake a lasin, lambar mai motar, da lambar wani fasinja Bahaushe mai sayar da albasa a Mil 12 wanda da kansa ya ce in ana neman shaida a kira shi, Allah ya saka masa da alheri.

Daga nan aikin ya koma hannun manaja, amma ina tare da shi dan ni ake ta tambaya. Ya shiga askniid.org ya sa lambar danfo dan ya ga ko inshorarta tana raye, ba abin da ya fito, takardar da aka nuna min ashe takarda ce kawai. A nan ya yi min bayanin da ban taɓa fahimta sosai ba sai ranar. Inshorar tad fati da doka ta wajabta ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka buga take gyarawa. Tun farkon 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida daga 5,000, abin da za ta iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya koma har naira miliyan 3, motocin haya da na kaya nasu kuɗin daban ne. Da danfon nan tana da ta gaske, da kamfanin inshorarta za a bi. Tunda babu, sai aka koma kan tamu, wadda kwamfirihensib ce, mai gyara motarka ko kai ka buga ko kai aka buga. Ita ma ba duka take biya ba, akwai wani kaso da aka rubuta a takardar wanda kamfani ke fara ɗauka da kansa kafin su biya sauran, kuma wannan kason ne manaja ya ce zai nema a wajen mai danfo.

Saboda haka ne aka buƙaci rahoton 'yan sanda. Muka je ofishin da ke kula da yankin, ɓangaren masu kula da haɗarin mota, da ni da manaja da direban danfo da mai motar. Kowa ya rubuta bayaninsa, ni abin da ke cikin rahotona na maimaita ban canza ko kalma ba, dan manaja ya ce in riƙe kwafi a aljihu, bayani biyu daga bakin mutum ɗaya in suka saɓa to an samu ƙofa. Direban danfo da farko ya ce ni na bugo shi ta baya, kuma ka san a al'ada wanda ya bugi wani ta baya shi ake ba laifi, nan ne hoton nesa ya yi aikinsa, ga tayoyina cikin layi ga shi a karkace ya ratso, bugun kuma a gefen kusurwa yake ba a tsakiyar bayansa ba. Mai motar da ya gani bai ja ba, dattijo ne mai hankali, ya ce zai raba kason kashi biyu ya biya ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta aka sa hannu.

Abin da ya fi cin rai shi ne jira. Motar tana yadi ba a taɓa ta ba, saboda in ka gyara kafin mai dubawar inshora ya zo ya gani to ka gyara da kuɗinka. Bakaniken da kamfani ke hulɗa da shi ya zo ya rubuta kiyasi, aka haɗa da fom ɗin inshora, rahotona, hotuna, kwafin lasin ɗina, takardun mota da takardar 'yan sanda aka tura. Ni kuma aka ba ni wata tsohuwar bas ina kai kaya da ita.

Ranar da mai dubawar ya zo, da rahotona a hannunsa yana bi layi-layi. Ya duba bamba da fenda ya yarda, sai ya ce fitila ai tana kamawa ba sai an canza ba, da aka kwance bambar sai ga kunnuwan fitilar guda biyu sun karye ta ciki, abin da ke sa ta rawa kenan, in aka bar ta haka haskenta ba zai tsaya saiti ba, da daddare ko ta haska sama ko ta kashe wa mai tahowa ido. Ƙarfen da ke bayan bamba lafiyarsa ƙalau, lagireto da kondensa ba abin da ya same su. Da aka ɗaga motar kuwa tayarod na dama ya ɗan lanƙwashe, kaɗan ne, sai ka haɗa shi da na hagu kake ganewa. Mai dubawar ya ce irin wannan ramin Legas ma yana yi, ta yaya za a san na karon ne? Manaja ya nuna masa hoton rim mai sabon gogewa da aka ɗauka a wajen, ya nuna masa layin da na rubuta tun daren farko cewa sitiyari ya karkata bayan bugun, ya kuma ciro takardar duba mota ta safiyar ranar wadda nake cikewa kafin in fita, ba ƙorafin sitiyari a ciki. Ya sa hannu aka haɗa tayarod a cikin abin da za su biya. Da sai bayan sati biyu na zo ina cewa mota na ja dama, lokacin taya ta fara cinyewa ta gefe ɗaya, ba mai haɗa shi da danfo.

Aka sa sabuwar bamba da fitila da tayarod, fanel bita ya buga fenda aka yi fenti, aka kai ta alaimen. Kafin in sa hannu na karɓa sai da muka fita gwaji da bakaniken, na sami miƙaƙƙen wuri na sassauta hannu ta tafi sak, tambarin sitiyari ya dawo tsakiya, na haska fitilu a jikin bango na ga tsayinsu ɗaya, na duba tazarar da ke tsakanin fenda da ƙofa da bonet ta yi daidai da ta ɗaya gefen. Manaja ya sa aka sake cike takardar miƙa mota sabuwa, tsohon karcen ƙofar baya yana ciki yadda yake, fenda kuma aka rubuta an yi mata fenti da ranar da aka yi. Ba a cire min ko kwabo a albashi ba, fayil ɗin dai yana nan a buɗe har mai danfo ya kawo kashi na biyu, ya ce ƙarshen wata.